Bambancin Aizal, Jik, Detol da sifirit, da dalilin da miki ke yin mugunya duk da ana wanke shi

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗanka ne mai ƙaramin kemis a wani ƙauye wajen Ringim, ina ɗan yi wa mutane diresin. Almakashina da fosef ɗin kama auduga kullum suna jiƙe a cikin robar ruwan Detol, in ya ragu na ƙara, da shi kuma nake wanke miki. Wani yaro fartanya ta sare shi a ƙafa, kwana shida ina wanke masa amma sai mugunya, auduga har kore-kore take yi. Wani ya ce na sa masa Aizal ko Jik sun fi ƙarfi. Wai menene bambancinsu ne, kuma me yasa maganin bai ci ba?

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka zuba. Kar ka sa wa yaron nan Aizal, kar ka sa masa Jik ɗin kwalba, wannan na fara faɗa maka tun kafin dogon bayani saboda in ka zuba naman ƙafar za su ƙona, mikin da ya kamata ya haɗe a sati biyu sai ya koma gyambo.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da kake gani a kanta kashi biyu ne. Akwai na jikin mutum, wato fata da miki da cibiyar jariri, mu a asibiti antisaftik muke ce musu, irin su aidin da kulohekzidin da sifirit. Akwai kuma na abin da ba shi da rai, daɓen ɗaki, tebur, gadon haihuwa, masai, bokiti, su ne disinfektan, nan Aizal da Jik da Haifo suke. Mutane suna ɗauka wai na biyun ya fi kyau tunda ya fi ƙarfi, to ƙarfin nan ai shi ne matsalar, don shi sinadari ba ya tantance ƙwayar cuta da naman mutum, duk abin da ya tarar mai rai ci yake. Siminti ba ya jin zafi kuma ba ya buƙatar warkewa, amma sabon naman da ke tsirowa a cikin miki, jan nan mai laushi da kake gani, ya fi ƙwayar cutar kanta saurin mutuwa. Wani lokacin ma sinadari ɗaya ne yake aiki biyun, yawan ruwan da aka sirka shi da shi ne kawai ya bambanta, kamar kulorin, sinadarin da ke cikin Jik da Haifo, a lokacin kwalara kashi 2 cikin ɗari ake zubawa a kan amai da gudawa, amma na wanke hannu 0.05 ne, ka ga sau arba'in kenan tsakaninsu. Shi Detol ɗinka yana tsakiya, ana sa shi a fata in an sirka yadda aka rubuta a jikin kwalba, ana kuma goge wuri da shi, amma ba a yi shi don a jibge kayan diresin a ciki kwana da kwanaki ba.

Yanzu bari na gaya maka yadda suke kisan, don in ka gane wannan sauran duk da kanka za ka gano.

Ƙwayar bakteriya ka ɗauke ta kamar ƴar mitsitsiyar salka, fata a waje, a ciki kuma ruwa da kayan aikin da take rayuwa da su, waɗanda yawancinsu furotin ne irin na farin ƙwai. Sifirit yana narka maiƙon fatar, ya shiga ya daskarar da furotin ɗin kamar yadda farin ƙwai ke yin fari ya ƙame a kaskon mai shayi, kuma ƙwan da ya soyu ba ya komawa ɗanye. Abin da zai ba ka mamaki shi ne sifirit mai kashi 70 cikin ɗari ya fi tsantsarsa kisa, domin daskarewar nan sai da ruwa take yiwuwa sosai, kuma ruwan yana hana shi saurin tashi. Tsantsar kana shafawa ta bi iska, balle a zafinmu na bazara. Detol da Aizal dangi ne, gidan finol, su huda fatar suke yi kayan ciki su tsiyaye. Kulohekzidin shi manne wa fatar ƙwayar yake kamar mayen ƙarfe ya yage ta, yana kuma manne wa fatar mutum ya ci gaba da aiki awanni bayan an shafa, shi yasa aka zaɓe shi na cibiyar jarirai, jel ɗin nan mai kashi 4 cikin ɗari da ake ba masu jego. Shi kuwa kulorin da ke cikin Jik da Haifo, da aidin, da haidurojin mai kumfa, ƙonawa suke ba da wuta ba, irin cin da tsatsa ke yi wa ƙarfe amma cikin mintuna. To riƙe wannan da kyau, a duk lokacin da kulorin ya ƙona wani abu shi ma ya ƙare. Ba ya kisa ya koma ya sake, kamar itace ne a murhu.

Nan ne amsar tambayarka take. Jini, mugunya, ƙasa, kashin dabba, gutsuren auduga, duk suna shanye maganin kafin ya kai ga ƙwayar cuta. In ka tsoma almakashi mai jini a ruwan magani, maganin jinin zai fara kamawa, ya daskarar da shi ya zama ɓawo, ƙwayoyin kuma suna ƙarƙashin ɓawon lafiya lau, musamman a maƙogwaron almakashi inda ƙusa take da tsakanin haƙoran fosef. Ai ko tuwo ya kama tukunya ba ka ce ka wanke ba don ka zuba ruwa ka ajiye, sai ka sa soso. Na yi shekaru ina faɗa wa yaran da na koya wa aiki, omo da buroshi da ruwa mai yawa su ne suke cire mafi yawan ƙwayoyin, magani ragowar yake ƙarasawa. Wanda bai wanke ba ya zuba magani, wallahi kuɗinsa kawai ya zubar.

Mu dawo kan robarka. Ranar farko da ka haɗa wataƙila da ƙarfinsa, ka tsoma fosef ɗin da ya taɓa mikin wani, ɗan jini ya shiga ya rage shi, gobe ƙura ta faɗa, jibi ya ragu ka ƙara ruwa ka ɗiga Detol da ido har ya yi fari ka ce ya yi. Farin nan ba shaida ba ce, Detol da Aizal ko kaɗan ka ɗiga ruwa zai yi fari, kuma ƙanshin yana nan ko da ƙarfin ya tafi, hanci ba ma'auni ba ne. Sannan akwai wata ƙwaya da ake kira sudomonas, ruwa da danshi ne gidanta, kuma sinadarin da ke cikin Detol ba shi da ƙarfi sosai a kanta, in ruwan ya tsinke ba ma mutuwa ba, hayayyafa take a ciki. Ka shafa yatsa a bangon robar nan ta ciki, in ka ji santsi irin na randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, to wannan yauƙin gida ne da ƙwayoyin suka gina wa kansu, magani ba ya ratsa shi da sauƙi, ko sabon Detol ka zuba a kai na saman kawai zai kashe. Kuma babbar alamar sudomonas a miki ita ce abin da ka faɗa da bakinka, auduga ta yi kore ko shuɗi-shuɗi, da wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi. Don haka zato mafi ƙarfi a wurina shi ne ruwan da kake wanke mikin da shi, shi ke kai masa cutar kullum.

Kar ka ji kunya, na taɓa ganin irin wannan da idona a wani asibitin karkara da na yi aiki ina saurayi, mutum uku a jere mikinsu ya yi kore, muna ta canza musu maganin sha, sai da wata tsohuwar nas ta ɗaga kwalbar da ake tsoma fosef ta nuna min gindinta, ashe watanni ana ƙari ba a taɓa juyewa an wanke ba. Daga ranar da aka zubar aka koma ajiye kaya a bushe abin ya tsaya. Har yau ina jin nauyin mutanen nan uku a raina.

Ga yadda nake so ka koma yi da kayanka. Ka zubar da ruwan nan yau, robar ma ka jefar. Kana gama diresin, da safar hannu a hannunka, ka buɗe almakashi ka wanke da omo da tsohon buroshin haƙori wanda ka ware don wannan aikin kaɗai, kana gogawa a ƙarƙashin ruwa don kar ya fantsar maka a ido, ka bi maƙogwaro da haƙora, ka ɗauraye da ruwa mai kyau. Sai ka sa a tukunya mai murfi, ruwa ya rufe su gaba ɗaya, almakashi a buɗe, ka fara ƙirga minti 20 daga lokacin da ruwan ya tafasa yana ɓulɓula, ba daga lokacin da ka ɗora ba, kuma in ka fara ƙirga kar ka jefa wani abu a ciki, in ka jefa to ƙirga ya koma farko. Ka tsame da fosef ɗin da shi ma aka dafa, su bushe da kansu, ka ajiye a kwano mai murfi wanda aka dafa. A bushe, ɗana. Ƙwayar cuta ta fi son ruwa. Kuma ka nemi saiti biyu ko uku, don mai saiti ɗaya in layi ya taru dole ya yi ha'inci ko bai so ba.

In babu halin dafawa, bayan wankin sai ka jiƙa a ruwan kulorin minti 20 ka ɗauraye da dafaffen ruwan da ya huce, amma ka sani kulorin yana cin ƙarfe, in ka bar almakashi ya kwana a ciki zai yi tsatsa da ƴan ramuka, ramukan nan kuma maɓoya ce. Ni dai na fi son tukunya.

Haɗa ruwan kulorin kuma da awo ake yi. Ka duba jikin kwalbar ka ga kashi nawa aka rubuta, Jik ɗin da muka saba gani 3.5 ne. Ka raba abin da ke kwalbar da abin da kake so ka samu, ka cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan awon ruwa. Kana son 0.5 wanda ake sa wa wurin da jini ya zuba, 3.5 a raba da 0.5 ya ba ka 7, cire ɗaya saura 6, wato gwangwanin madara ɗaya na Jik, gwangwani 6 na ruwa. In kwalbar 5 aka rubuta to ɗaya da 9 ne. Na goge tebur da benci da ba jini a kai 0.1 ya isa, ɗaya da 34 kenan daga mai 3.5, ka ga kwalba ɗaya za ta daɗe maka. Ruwan ya zama garai-garai, na burtsatse ko na leda, ba na kududdufi ko rijiyar da ta gurɓace da damina ba, don lakar da ke ciki za ta fara cinye rabonta. Ruwan sanyi, ba na zafi ba. A roba mai murfi, a inuwa, kuma kullum da safe sabo, na jiya a zuba a masai. Ita kanta kwalbar in ta yi watanni a rana a bakin shago ƙarfinta ya ragu ko ba a buɗe ba, don haka in za ka saro ka duba kwanan wata ka kuma zaɓi wadda ke cikin inuwa.

In jini ya zuba a ƙasa kar ka kwarara magani a kai ka tafi, ka fara kwashe shi da tsumma ko takarda ka ƙona, ka wanke wurin da omo, sannan ka zuba mai 0.5 ka bar wurin a jiƙe minti 10. Wannan jiran shi ne abin da kowa ke tsallakewa. Magani ba harsashi ba ne, yana buƙatar lokaci ya ratsa, wanda ya shafa ya goge nan take bai yi komai ba. Haka sifirit kafin allura, ka shafa ka bari ya bushe da kansa kamar daƙiƙa 30, kar ka hura masa baki kar ka goge. Aidin kuma minti biyu har ya bushe.

Gauraye-gaurayen nan da ake yi wai don ya ƙara ƙarfi ka bar shi kwata-kwata. Jik in ya haɗu da ruwan wankin masai mai asid yana fitar da iskar kulorin wadda ke shaƙe mutum ta ƙona huhu, a ɗan shago mai taga ɗaya abin ba wasa ba ne. Kulohekzidin kuma sabulu ne maƙiyinsa, in ka wanke fata da sabulu baka ɗauraye tas ba ka shafa shi a kai, sabulun ya kashe masa aiki. Kuma tunda na ambace shi, ka ja wa masu jego kunne in sun saya a wurinka, na cibiya ne kaɗai, kar ya kusanci ido ko cikin kunne, an samu jariran da suka rasa gani saboda an ɗauka maganin ido ne aka ɗiga musu.

Sai abu na ƙarshe da ke rage musu tasiri, wanda ba laifin mai haɗawa ba ne, su ƙwayoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ƙwayar ƙanjamau da ake ta tsoro tana cikin masu saurin mutuwa a waje, don rigarta ta maiƙo ce, sabulu da sifirit da kulorin duk suna yaga ta. Ta ciwon hanta nau'in B ta fi ta naci nesa ba kusa ba, tana iya kai sati a busasshen jini a jikin ƙarfe tana jiran wanda za a yanka da shi, wannan ka faɗa wa wanzaman garinku ma. Ta tarin fuka rigarta kamar kakin zuma take, kulohekzidin ba ya iya mata. Amma uban su duka ita ce ta tatanos, mai sa haƙora su sarƙe jiki ya sandare. Ka san gaiwa a fadamar Haɗeja, in ruwa ya janye ta shige laka ta lulluɓe kanta ta kwanta har damina ta dawo, to haka wannan ƙwayar take, in wuri bai mata ba sai ta dunƙule cikin ƙoƙo mai tauri ta zauna a ƙasa da kashin dabbobi shekara da shekaru. Sifirit ba ya kashe ta a wannan halin, Detol ba ya yi, Aizal ba ya yi, tafasar minti 20 ɗin ma ba ta da tabbas a kanta, sai tukunyar turiri ta asibiti da ake kira otokilef mai kai zafin digiri 121. Shi yasa duk abin da zai shiga cikin nama, allura, reza ta yanke cibi, zaren ɗinki, sabo a ledarsa ake amfani da shi sau ɗaya a jefar, ba a jiƙa shi a komai a sake.

To ka ga yaron nan fartanya ce ta sare shi, fartanyar da ke cikin ƙasar gona da taki, wato daidai inda tatanos take kwana, kuma ba wani ruwan magani da za ka zuba ya kare shi daga ita, allurar riga-kafi ce ke wannan aikin. Da ranar farko ce, abin yi shi ne ruwa mai yawa, dafaffe ya huce, ko nomal salain, wato ruwan gishirin asibiti, ko ka haɗa da kanka gishiri giram 9 a lita ɗaya ka tafasa, ka ja a sirinji babba ba allura ka dinga fesawa cikin mikin har ƙasa da tsakuwa su fita tas, fatar gefe ka wanke da sabulu ka shafa aidin, ka rufe da gozi mai tsabta. Sifirit ba a zuba shi cikin buɗaɗɗen miki, zafin da yake yi ba alamar yana aiki ba ce, nama yake ƙonawa. Haidurojin ma in an yi da shi sau ɗaya a miki mai datti to a tsaya nan, kullum-kullum yana hana haɗewa.

Amma yanzu kwana shida da mugunya kore, ya wuce aikin kemis, kuma faɗin hakan ba ya rage maka komai a idon mutanen gari. Yau ɗin nan ka wanke masa da ruwan gishirin, da sabon gozi da safar hannu, ba da kayan robar nan ba, ka samu mahaifinsa ka ce a kai shi babban asibiti, a faɗa musu fartanya ce kuma kwana nawa, a tafi da katin riga-kafinsa in akwai, don su duba ko akwai mataccen nama ko tsinke a ciki da za a cire, su yi masa allurar tatanos, su zaɓi maganin da ke kama irin wannan ƙwayar, domin amfikulos ɗin da aka saba bayarwa ba ya taɓa sudomonas. In kuwa ka ga zazzaɓi, ko ja da kumburi na hawa sama zuwa ƙauri, ko kaluluwa a matsematsi, ko ya ce bakinsa ya yi nauyi ba ya buɗuwa sosai ko wuyansa ya ƙage, kar a jira gari ya waye, a nemi mashin ko mota a daren. Allah ya ba shi lafiya, ka rubuto min yadda aka yi.